Kafin mu zuba kuɗi a wake, mu yi lissafi

Ƴan uwa malamai da iyayen yara, abin da na faɗa a taron asusunmu ke nan, kuma ban janye ba.

An ce mu haɗa kuɗi mu sayi wake da kaka, mu sayar da bazara. Da na tambayi riba, sai aka ce mini "kowa haka yake yi". Wannan ba amsa ba ce.

A ce mun sayi buhu 20, kowane jika 20: jika 400 ke nan. Kuɗin mota, hayar mangaza da buhunan ajiya su ci jika 80. In mun sayar a jika 25, mun samu 500, riba jika 20 kacal bayan wata shida. In ƙwari suka ɓata buhu biyu, 450 za mu karɓa. Mun faɗi da jika 30.

Kuɗin nan kuwa na littattafan yaranmu ne da maganinsu, ba tsintuwa ba.

Saboda haka ba zan zuba ko dala ba sai mun zauna da ƴan kasuwar hatsi, mun koyi ajiya, mun rubuta wanda zai riƙe makulli da yadda za a raba hasara. Wanda yake gaggawa, ya gwada da aljihunsa.