Zolayar Ango a Gaban Surukai: Wasa da Wanda Ba Ya Iya Ramawa



Da zarar abokai sun san mutum yana taɓa rubutu, to ya zama mai jawabin biki ke nan. Ranar liyafa sai a ce, "Kai ne marubuci, tashi ka ba mu dariya a kan ango." Da yawanmu muna ɗaukar abin da sauƙi, tunda mun tashi cikin wasan barkwanci. Ra'ayinmu shi ne zolayar ango a gaban jama'a ta fi wasan barkwanci wuya, kuma mai rubuta ta ya nemo aibin da surukai za su ji su ƙara son yaron, ya bar sauran aibobin a ɗakin samari.

Mu duba yadda wasan yake a asali. Bazazzagi yana tsokanar Bakano, Bafulatani yana tsokanar Babarbare, Bagobiri yana tsokanar Bayarabe, taubashi yana tsokanar taubashinsa. Abin da ya sa ba a yin fushi shi ne kowa yana da bakin ramawa: ka faɗa, a faɗa maka, a tashi babu bashi. Ango kuwa ranar bikinsa ba shi da baki. Yana zaune cikin babbar riga, idon dangin amarya a kansa, kunya ta ɗaure shi. Duk abin da muka jefa masa sai dai ya haɗiye. Ga shi kuma tsakaninsa da surukansa babu wasa, sai nauyi da kunya. Mai jawabi yana tsaye ne a tsakiyar alaƙa biyu masu karo da juna, ta abota da ta surukuta, kuma ta biyun ce ke da haƙƙin wurin.

A yankinmu akwai ƙarin dalili. Sabon Gari ya ginu ne da baƙin da suka zo tare da jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20, Samaru kuma ta cika da mutanen ko'ina tun bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Saboda haka ɗan Zabi yana iya auro 'yar da iyayenta suka fito daga wata jiha, masu wani yare da wata al'ada. Maganar da za ta tashi dariya a majalisar shayi, su suna iya jin ta a matsayin shaida a kan wanda suka ba wa 'yarsu. Ba su san shi shekara goma kamar mu ba. Abin da muka faɗa shi za su tafi da shi gida.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce angonmu mutum ne mai matse hannu, kuma duk abokai sun san shi da haka. Rubutun farko da zai zo mana shi ne: "Angon nan marowaci ne, ko ruwan leda bai taɓa saya mana ba." Teburin abokai zai fashe da dariya. Uwar amarya kuwa abin da ta ji shi ne 'yarta za ta sha wuya a kan cefane. Wannan zambo ne, domin ya liƙa wa mutum mummunan suna ya bar shi da shi.

Gyara na farko shi ne mu cire sunan halin, mu sa abin da ido ya gani. Kada kalmar rowa ta fito ko sau ɗaya. Mu nuna shi tsaye a Kwangila, rana tana dukansa, yana jiran motar da za ta rage masa naira hamsin. Wanda ya ji wannan zai yi dariya, amma mai hankali zai kira halin tattali.

Gyara na biyu shi ne juyi, wato inda zolayar za ta koma yabo. A nan akwai rami. Da yawa za su rubuta, "Yau dai ya ga abin da bai nemi ragi ba." Jimlar tana da daɗi a kunne, amma ta mayar da amarya haja, ta kuma taɓo sadaki da lefe, abubuwan da wataƙila an sha ja-in-ja a kansu tsakanin gidajen biyu ba mu sani ba. Sai mu karkata juyin zuwa ga canjin da aka gani a jikin ango. Ga yadda zai iya fitowa:

"Iyayenmu, muna neman izini mu ɗan tona asirin ɗanku. Mun san shi yana tsayuwar rabin awa a Kwangila don a rage masa naira hamsin. Direbobi sun gane shi, in sun hango shi sai su ƙara mai. To wata ranar Juma'a sai muka ga ya tare Keke, ya ɗauki shata, bai ko tambayi kuɗi ba. Muka ce ko dai ba shi da lafiya, ko kuma an kusa ɗaurin aure. Alhamdu lillahi, lafiyarsa ƙalau. Iyayen amarya, mutumin da ya iya riƙe naira hamsin haka, in sha Allahu zai iya riƙe amana."

Ku lura an fara da neman izinin manya, labari ɗaya aka bayar, ba a ambaci amarya da komai ba, kuma jimlar ƙarshe an miƙa ta ga waɗanda suka fi kowa zullumi. A ƙara gaisuwa a gaba da addu'a a baya, duka kada ya wuce minti uku.

Akwai abubuwan da babu gwanintar da ke wanke su. 'Yan matan da ya nema a baya, bashin da ake bin sa, jarrabawar da ya faɗi a jami'a, siffar jikinsa, asalin gidansu, da duk wata magana ta ɗaki. Haka ma raha a kan ƙarin aure, ko kwatanta amarya da uwargida idan akwai ta. Habaici ma a bar shi. Wasu suna ganin in sun ɓoye suna sun tsira, alhali dariyar da tebur ɗaya kaɗai ya gane tana sa sauran jama'a su fara tambayar me ake ɓoye musu. Kuma yau wayoyi suna ɗauka, abin da aka faɗa a zauren biki zai isa kunnen kawun da bai zo ba.

Wani zai ce in an cire duk wannan ai jawabin ya zama lami. Gaskiya ne akwai jawaban da tsoro ya kashe, aka tashi da jerin yabo da babu wanda ya saurara. Sai dai gishirin zolaya yana cikin takamaiman abu: wurin, adadin kuɗin, direban da ya ƙara mai. Wanda ya rasa abin dariya sai ya tono abin kunya, yawanci bai zauna ya tuno abokinsa da kyau ba ne.

Kafin ranar, mu karanta rubutun a gaban wata babbar mace daga gidanmu, goggo ko yaya. Duk inda ta ce "kai, kai," a goge. A wurin bikin kuma mu riƙa duban ɓangaren iyaye mata. In su ma suna murmushi, ango ya rufe fuska yana dariya, to muna kan hanya. In abokai kaɗai ke shewa, ango ya ƙura wa ƙasa ido, mu tsallake sauran mu tafi kai tsaye ga addu'a.

Allah ya ba ma'aurata zaman lafiya, mu kuma ya tsare mana harsunanmu.