Ba Jego Ne Ya Karɓe Ta Ba, Ruwa Ne

A gidajenmu, da zarar mai jego ta cika ta yi ɓulɓul kafin arba'in, sai mata su hau yabo: jego ya karɓe ta, maigida ya iya riƙo. Wannan yabon yana kai mata kushewa, kuma ya kamata mu daina shi sai mun duba.

Kitse ba ya taruwa dare ɗaya. Ruwa kuwa yana taruwa, kuma lita ɗaya kilo ɗaya ce. Shi ya sa likitocin zuciya ke ɗaukar ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana 3 a matsayin ruwa ne jiki ya riƙe, ba ƙiba ba.

Ɗauki matar da ta haihu sati uku da suka wuce. Takalminta ya daina shiga, zobe ya matse yatsa. Danna babban yatsa a ƙwaurinta kamar daƙiƙa goma, ka ɗage. Idan gurbin ya lotsa ya ƙi dawowa, ba kitse ba ne. Sai ka tambaye ta yadda take barci. In ta ce sai ta tara matasai ta jingina, ko tari da sarƙewar numfashi na tashinta cikin dare, to zuciya ce ta gaza tura jini, ruwa ya taru a ƙafa, ya fara cika huhu. In fuska ce ke kumbura da safe, fitsari na kumfa ko ya ragu, a tuhumi ƙoda. In ciki ne ya tashi, ido ya yi ɗorawa, hanta ce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muke ƙara wa wutar itace da hannunmu. Tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi nazarin gazawar zuciya ga masu jego a Zariya, suka danganta ta da kunun kanwa, wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta. Kanwa dangin gishiri ce, gishiri kuma ruwa yake riƙewa. Mace ta kumbura, Goggo ta ce a ƙara mata kunu!

Za a ce iyayenmu sun sha, sun rayu. Haka ne, yawancinsu zuciyarsu ta jure. Waɗanda tasu ta gaza fa? Su ne aka ce sammu ne, ko iska ta shige su.

Sayen maganin sa fitsari a kemis ma ba mafita ba ne. Kumburin zai saɓe, ciwon na nan, gishirin jini kuma ya rikice. Mai irin wannan kumburi a dakatar mata da kanwa, a kai ta asibiti a ranar, a auna hawan jini, a gwada fitsari da jini, a yi hoton zuciya. In numfashi ya soma sarƙewa tana zaune, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi sun biyo baya, kada a jira gari ya waye.