Ra'ayi: Darasin rufe kasuwar dabbobi ta Charanchi ga masu ƙulla yarjejeniya a Kankia da Kusada

A ƙarshen watan Agustan 2021 ne gwamnan jihar Katsina na wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya sa hannu a kan wata dokar tsaro da ta hana fitar da shanu a manyan motoci zuwa wasu jihohi. Dokar ta kuma dakatar da sayar da dabbobi a kasuwanni da dama, ciki har da ta Charanchi, maƙwabciyar Kankia. Duk wanda ya yi alkawarin kai shanu Kudu a lokacin ya wayi gari hannunsa a ɗaure.

A ɗauki misalin wani dillali a Kankia da ya karɓi kafin alƙalami na naira miliyan 3, bisa alkawarin kai shanu 30 Legas a tsakiyar Satumba. Dokar ta fito bai riga ya yi lodi ba. Shin ya saɓa alkawari? Kuɗin da ya karɓa fa, na wa ne?

Amsar tana cikin takardar da suka sa wa hannu. Lauyoyi kan saka wani sharaɗi da suke kira fos majo, kalmar Faransanci mai nufin abin da ya fi ƙarfin mutum. Sai dai kotu takan tsaya ne a kan abin da aka rubuta. Idan sharaɗin ya ambaci ambaliya da gobara kawai, bai ambaci umarnin gwamnati ba, da wuya ya ceci dillalin.

In kuwa babu sharaɗin kwata-kwata, sai dillalin ya gamsar da kotu cewa yarjejeniyar ta rushe da kanta, domin cika ta ba zai yiwu ba. Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan hujja a 1978, a shari'ar Araka da kamfanin Monier, kan hayar gida da yaƙin basasa ya katse. Amma ƙofar ƙunƙuntacciya ce. Tsada ko wahala ba uzuri ba ne. Da kuɗin mota ne ya ninka, ko farashin sa ya tashi, tilas dillalin ya kai shanun ko ya biya diyya. Abin da ya bambanta lamarin 2021 shi ne hukuma ce ta haramta jigilar.

Fiƙihun Malikiyya ma ya san wannan babi. A hukuncin ja'iha, idan annoba ta cinye sulusi ko fiye na 'ya'yan itacen da aka saya tun suna kan bishiya, ana rage wa mai saye kuɗi gwargwadon asarar. Wato tun da can an yarda cewa asarar da ba laifin kowa ba tana buƙatar ma'auni.

Shi ya sa bai kamata manomi a Kusada ko ɗan kwangila a Kankia ya wadatu da "in Allah Ya yarda" a baki ba. Addu'a daban, sharaɗi daban. Ga yadda za a iya rubuta shi:

"Idan umarnin gwamnati, ko rufe hanya ko kasuwa, ko harin 'yan bindiga, ko ambaliya ya hana ɗayanmu cika alkawari, zai sanar da ɗayan a rubuce cikin kwana 7. Za a jingine aikin. Idan matsalar ta wuce kwana 60, kowa na da ikon soke yarjejeniyar, kuma za a mayar da kafin alƙalami bayan cire kuɗin da aka kashe bisa shaida."

Da wannan a hannu, dillalin zai aika sanarwa tare da kwafin dokar a makon farko. Idan kwana 60 suka cika ba a janye ta ba, sai ya soke. In ya nuna shaidar kashe naira dubu 400 a kan abincin shanu da kiwo, sai ya mayar da miliyan 2 da dubu 600. Idan kuwa ya yi shiru har ranar kai kaya ta wuce, mai saye na da hujjar cewa uzurin ya zo a makare.

Wasu za su ce cinikin karkara amana ce ke riƙe da shi, takarda kuma alamar zargi ce. Amma rigima kan kafin alƙalami ita ce ta fi saurin kashe amana. Ga kuma wata matsala: bayan 2021, da wuya wani a Katsina ya ce bai taɓa zaton za a iya rufe kasuwa ba. Abin da aka riga aka gani ya daina zama ba-zata, don haka mafita ita ce a ambace shi da sunansa tun ranar ƙulla ciniki.