Raddi ga Mai Cewa a Haɗe Akan Ko'ina

Wata takarda ta zaga hannun 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Algarrafa, a gefen birnin Doha na ƙasar Ƙatar, musamman waɗanda ke koya wa 'ya'yansu karatun Hausa a gida. Mawallafinta, malami ne da muke girmamawa saboda zurfinsa a nahawun Larabci, ya yi da'awar cewa raba a kan da akan wahala ce marar fa'ida, a haɗe su ko'ina a huta. Ya kafa hujjoji huɗu, kuma tun da malam ya yi magana da ilimi, haƙƙinsa ne a amsa masa da ilimi, hujja bayan hujja.

Hujjarsa ta farko ita ce lafazin ɗaya ne, harshe ba ya tsayawa tsakanin a da kan. Sai mu ce, gafarta malam, lafazin ba ɗaya ba ne, kunne ma shaida ne. Idan Bahaushe ya ce akan sha fura da rana, muryarsa tana tashi a kan gaɓar farko ta sauka a ta biyu. Idan kuwa ya ce ɗora ƙwaryar a kan tabarma, muryar tana farawa daga ƙasa, sa'an nan ta hau kan ta gangaro. Dalili kuwa shi ne asalinsu daban. A kan kalmomi biyu ne: harafin a mai nuna wuri, da kai wanda aka jingina shi ga wani abu, shi ya sa muke cewa a kansa, a kanta, kamar yadda muke cewa a gabansa, har ma mukan jefar da harafin mu ce tulu yana kan dakali. Akan kuwa lamiri ne na wanda ba a ambata ba, haɗe da alamar sabo, ɗan'uwan nakan da yakan da sukan. Tun da rubutun boko ba ya nuna hawa da saukar murya, wannan 'yar tazara ita kaɗai ta rage wa mai karatu.

Hujja ta biyu ita ce ƙiyasi da Larabci, wai tun da Larabawa suna manna haruffan jarra a jikin suna, mu ma mu bi sawunsu. Wannan ƙiyasi ne tare da bambanci, domin abin da Larabci ke mannawa shi ne harafin da ya zo shi kaɗai, irin su bi da li da ka, saboda al'adar alƙalaminsu ba ta barin harafi guda ya tsaya a matsayin kalma. Amma fi da min da ala, kowannensu zaman kansa yake yi. Malam ya duba allunan da ke gefen titunan unguwarmu, zai ga bil Garrafa a haɗe, fid Dauha kuwa a rabe. Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne malaman Larabci da kansu sun raba kalma sun haɗa ta gwargwadon ma'ana: innama a haɗe tana nufin kawai, inna ma a rabe tana nufin lalle abin da, haka kullama da kullu ma. Ibnul Jazari, wanda ya rasu a shekara ta 833 bayan Hijira, ya keɓe babi sukutum a cikin Muƙaddimarsa ta tajwidi domin abin da ake yankewa da abin da ake sadarwa a rubutun Mus'hafi. Ashe Larabcin da malam ya kira shaida, a gefenmu ya ba da shaidarsa.

Hujja ta uku ita ce siyaƙin magana ya wadatar, mai karatu zai gane abin da ake nufi. Mun yarda haka yake a mafi yawan lokuta, domin suna ne ke bin a kan, aikatau kuma ke bin akan. Amma akwai inda wannan alama take ɓacewa, wato inda aikatau ya zauna a gurbin suna ba tare da ya sauya siffa ba. A ɗauki wannan jimla: an yi saɓani a kan sayar da gonar maraya. Ma'anarta, malamai ba su haɗu kan hukuncin ba, marubuci kuma bai faɗi ra'ayinsa ba. To, a haɗe kalmar: an yi saɓani, akan sayar da gonar maraya. Yanzu marubuci ya shaida cewa sayarwar aba ce da aka saba yi, kuma mai neman uzuri ya sami madogara. Babu abin da ya rage tsakanin jimlolin biyu sai waƙafi, wanda yawancin masu rubutu ba su damu da shi ba. Hanyar gwaji kuwa mai sauƙi ce: a cire kalmar a sa sukan a gurbinta, in magana ta miƙe da ma'anar da ake nufi, a haɗe, in kuwa bisa ko game da ne suka dace, a raba. Da wannan ma'auni ake warware ta kan da takan: mota ta bi ta kan gada, amma Ladi takan bi gada. Wanda kuma ya saba haɗe ƙananan kalmomi ba da lissafi ba, wata rana zai so rubuta ya sa ta aiki, hannunsa ya fara da ya sata.

Hujja ta huɗu ita ce mafi nauyi, kuma ba za mu raina ta ba. Malam ya ce ƙa'idar Turawa ce, kuma tana tufka da warwara: ta haɗe sukan, ta raba za su. Game da asali, gaskiya ne Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, shi ya fitar da ƙa'idojin farko a 1912. Amma aikin bai tsaya nan ba, ya bi ta hannun Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, da na Kano a 1972, da na Yamai a 1980, inda masana daga Nijeriya da Nijar suka zauna domin daidaita rubutun ƙasashen biyu. Game da za kuwa, ita gaban lamiri take zuwa, kuma tana iya ɗaukar ma'anar tafiya ita kaɗai, kamar ina za ka, za ni kasuwa. Ba a haɗe ta ba sai inda ta narke, wato zan da zai. Malam zai iya cewa ai kan ma tana tsayawa ita kaɗai a cikin mutane kan ce. Haka ne, kuma a nan muna iƙirarin cewa haɗe ta da lamiri isɗilahi ne da aka zaɓa, ba wahayi ba. Sai dai isɗilahi ne mai riba, domin shi ya ba mu siffa biyu ga ma'ana biyu, alhali shawarar malam siffa ɗaya za ta bar mana.

Saboda haka muna roƙon malam, da iyayen da suka karɓi takardarsa, kada su sauƙaƙa wa mai rubutu ta hanyar ɗora nauyin a wuyan mai karatu. Yaron da ya tashi a Algarrafa, wanda Larabci ya fi yawa a kunnensa, ba shi da karin muryar Kano ko Katsina da zai cike masa abin da takarda ta ɓoye. Shi ya fi kowa bukatar a koya masa gwajin sukan da bisa tun yana ƙarami. Allah shi ne mafi sani.