Hoton kwalba ba ya faɗin abin da ke cikinta

Ƴan'uwa ɗalibai, mu daina wannan ɗabi'a. Tsohuwa na shan tsimi daga wata kwalbar ruwa da babu ko harafi ɗaya a jikinta, sai jikanta ya ɗauki hoto da waya ya tura wa aboki mai karatun likita: “Don Allah mene ne wannan?” Abin haushin ma, wani sai ya ba da amsa!

To me ya gani? Ruwa ja-ja mai duhu. Sassaƙen maɗaci in an dafa haka yake, na marke ma kusan haka, shayin da ya kwana ma haka. In mai sayarwa ya daka ƙwayoyin farmasi ya zuba, dekisametazon ko dikulofenak, sun ɓace cikin launin. Hoto ba ya nuna ko ice ɗaya aka dafa ko biyar, balle ƙarfin haɗin. Duk wanda ya ba ka suna daga hoto canki-canka yake yi da ran kakarka.

Amma masu cewa “tunda likita bai san abin da ke ciki ba, zuwa asibiti ɓata lokaci ne”, su ma sun kauce. Likita yana da mara lafiya a gabansa, yana kuma da baki.

Ɗauki tsohuwar nan. An sayo mata don ciwon gwiwa. Zai tambaye ta: “Inna, tun yaushe kike sha? Da wane kofi, na shayi ko babban moɗa? Sau nawa a yini?” Ta ce wata biyu, safe da yamma. “Kwana nawa ciwon ya yi kafin ya lafa?” Kwana biyu kacal. “Cin abinci ya ƙaru? Ƙishirwa da yawan fitsari fa?” E. Ya dubi fuskarta, ta yi cika kamar faifai, gida ana murna wai ta yi ƙiba. Ya auna sukari da hawan jini, duka sun hau. Nan zai yi zargin dekisametazon. Zargi ne, amma ya isa ya canza shawara, domin wanda ya daɗe kan wannan magani ba a tsayar masa rana ɗaya. Jikinsa ya rage yin nasa sinadarin, in an yanke kwatsam jini na iya faɗuwa ya suma. A hankali ake janyewa, likita na bi.

Da baƙin kashi ta ambata da zafin ciki, hankalinsa zai koma kan dikulofenak da gyambon ciki. Da idanu ne suka yi rawaya, hanta zai bincika.

Saboda haka ku tafi da ita, ku riƙo kwalbar da kofin da sauran magungunan da take sha. Kada ku ɓoye don tsoron faɗa. Ragowar ruwan shi ake iya kaiwa awo, irin na LANSPEX a Yamai, kuma ko can aikin ya fi sauƙi in likita ya faɗi sinadarin da yake zargi.