Waswasin mai jego: tunanin da ke faɗowa ba sallama

A taron asusu muna faɗin kusan komai. Wadda mijinta ya tafi ci-rani bai aiko ba tana faɗi, wadda ta kasa zubin wannan mako tana faɗi, har rigimar kishiya ana kawowa. Amma akwai wata magana da mace za ta yi wata da watanni tana dakonta ba ta buɗe baki ba, don tana tsoron a ce ta zare, ko a ce muguwar uwa ce. Yau ita za mu taɓa.

Mu ɗauki misalin wata ƙanwarmu, haihuwar fari, kwana ashirin da sauka. An sauke tukunyar ruwan wankan jego, tururi na tashi, jaririn yana hannunta. Sai kawai hoto ya gifta mata a rai: ga ta ta saki yaron cikin ruwan. Ba ta nemi tunanin ba, ba ta so shi ba. Gabanta ya faɗi, jikinta ya ɗauki rawa, ta ƙanƙame yaron ta ja da baya. Washegari tana yanka kuɓewa sai wuƙar ta kawo mata wani hoton da ya fi na jiya muni. Jibi a bakin rijiya, da goyo a baya, wani ya sake zuwa. Daga nan ta fara tambayar kanta: wace irin uwa ce ni?

Amsar ita ce uwa irin sauran uwaye. A Kanada, wasu masu bincike biyu, Nichole Fairbrother da Sheila Woody, sun bi mata kusan 100 bayan haihuwa, suka fitar da sakamakon a 2008. Dukkansu sun ce tunanin wani hatsari zai sami jaririn yana faɗo musu, kamar ya suɓuce ko numfashinsa ya tsaya. Kusan rabinsu kuma sun ce tunanin su da kansu su cutar da shi ya taɓa gifta musu ba da sonsu ba. Rabi fa! A ce muna zaune mu talatin a kan tabarma ran zubi, ki ƙirga da kanki. Binciken da Fairbrother ta ƙara yi daga baya a kan mata ɗaruruwa ya nuna masu irin wannan tunani ba su fi sauran mata cutar da ƴaƴansu ba. Kuma abin bai tsaya ga masu jego ba. A 2014 an tambayi ɗalibai 777 a ƙasashe 13, sai kusan 94 cikin 100 suka ce tunanin da ba su gayyata ba yana shigo musu.

To me ke kawo shi? Zuciyar mai jego gadi take yi dare da rana. Aikinta ta hango duk abin da zai iya taɓa ɗan nan kafin ya faru: wuta, ruwa, wuƙa, bakin gado. Hanyar da take nuna hatsarin ita ce ta kawo hotonsa, wani lokaci har da hannun uwar a ciki. Rashin barci da gajiya suna ƙara masa yawa. Shi ya sa tunanin yake zaɓar abin da mutum ya fi ƙauna ko ya fi girmamawa. Mai jego yana zo mata ta wajen jariri, mai yawan ibada yana zo mata da mummunar kalma a tsakiyar salla. Malamanmu sun san wannan waswasi tun tuni. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin sahabban da suka kai kukan abin da ke gifta musu a rai wanda suke jin nauyin furtawa, aka kwantar musu da hankali, aka nuna musu cewa ƙyamar da suke yi masa alamar imani ce.

Wannan ƙyamar ita ce abin dubawa. Mai niyyar aikata abu tana matsawa kusa da shi, tana shiri, tana neman dama, tana ba kanta hujja. Ƙanwarmu kuwa ja da baya ta yi, ta ƙara riƙe yaron, ta kwana tana kuka. Tunaninta da nufinta sun raba hanya, kuma hannu nufi yake bi.

Inda abin yake lalacewa shi ne a ƙoƙarin korar tunanin. Ku gwada yanzu: minti ɗaya, kada wadda ta tuna farin raƙumi. Ga shi nan ya iso, ko ba haka ba? Wani masani ɗan Amurka, Daniel Wegner, ya yi irin wannan gwaji a 1987. Ya hana mutane tuna wata farar dabba na minti biyar, ya ce duk lokacin da ta faɗo musu su kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa, kuma da aka sake musu mara sai tunanin ya zo musu fiye da waɗanda ba a hana ba tun farko. Dalili a fili yake: kafin ki tabbatar ba kya tuna abu, sai kin leƙa kin ga ko yana nan, leƙawar kuwa tunawa ce.

Mu koma ga ƙanwarmu mu ga yadda take ɗaure kanta. Ta ce wa kakar yaron ita ta riƙa yi masa wanka. Ran nan ta ji sanyi a ranta. Ta tura wuƙaƙe ƙarƙashin buhun hatsi, ta bar girki. Ta daina zuwa rijiya da goyo, daga baya ta daina yarda a bar ta ita kaɗai da yaron a ɗaki. Kowane mataki yana ba ta sauƙi na ɗan lokaci, amma yana koya wa zuciyarta ƙarya: wai da ba a ɓoye wuƙar ba da wani abu ya faru. Ba ta taɓa samun damar ganin cewa ta riƙe wuƙar, tunanin ya zo, ya wuce, yaron yana barcinsa ba. Kafin a yi arba'in, tunanin da ke zuwa sau biyu a yini ya koma sau ashirin.

Hanyar warware wannan ƙulli kishiyar wancan ce. Idan tunanin ya zo, ta kira shi da sunansa a ranta, «waswasin nan ne ya dawo», ta ci gaba da abin da take yi. Kada ta yi gardama da shi, kada ta tsaya binciken zuciyarta ko tana son yaron da gaske. Faɗuwar gaban za ta hau, ta kai ƙarshenta, ta sauka da kanta idan ba a gudu ba. Ayyukan da ta bari ta dawo musu ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi. Yau ta yi wa yaron wanka da ruwa mai ɗumi kaka tana zaune a gefe. Bayan kwana uku ta yi kaka tana tsakar gida. Sai ta yanka albasa yaron yana kwance a tabarma can gefe. Ba a sa ran tunanin ya ɓace a mako ɗaya. Abin da ke fara raguwa shi ne firgitar, yawan zuwansa kuma ya biyo baya. Ga mafi yawan mata yana lafawa da kansa yayin da yaro ke girma barci yana dawowa.

Mu kuma da za a kawo wa maganar, fuskarmu ce magani na farko ko dafi na farko. Idan ta ce «Yaya, akwai abin da ke damuna», ta faɗa, kada mu yi salati mu dafe ƙirji, kada mu miƙa hannu mu karɓe yaron. Karɓe yaron daidai yake da ce mata abin da take tsoro gaskiya ne. Mu ce mata: «Ƙanwata, wannan sananne ne, mata da yawa suna samunsa. Ya kike ji idan ya zo?» Mu saurara. Mu nemo wadda za ta riƙe yaron tsakanin shayarwa ta samu barcin awa huɗu a jere, don barci yana rage shi ƙwarai. Abu ɗaya da za mu kiyaye: idan ta shiga tambayarmu sau goma a yini, «kin tabbata ba zan yi ba?», amsar kullum tana zama kamar ɓoye wuƙar nan. Mu amsa sau ɗaya da kyau, sauran mu ce mata waswasin ne ke tambaya. Maganar kuma ta mutu a tsakaninmu. Ba ta taron asusu ba ce sai in ita ta kawo ta da bakinta.

Idan tunanin da abubuwan da take yi don kauce masa suna cinye mata fiye da awa ɗaya kowace rana, ko sun hana ta shayarwa, wanka ko ci, ya zama ciwon waswasi, kuma yana da magani. Ta faɗa wa ungozomar likita ran awon jariri, a tura ta wajen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashensu. Suna koyar da irin matakan da muka faɗa a tsare, wani lokaci su haɗa da ƙwaya. Akwai wadda mai shayarwa ke iya sha, likita ne zai zaɓa. Tana ɗaukar mako takwas zuwa goma sha biyu kafin a ga cikakken aikinta, don haka kada a yar da ita a mako na biyu a ce ba ta yi.

Akwai wani ciwo dabam da bai kamata mu haɗa shi da wannan ba, shi ne rikicewar hankali bayan haihuwa. Yana samun mace ɗaya ko biyu cikin 1000, galibi cikin mako biyun farko, kuma yana zuwa da sauri. Alamunsa sukan fito fili: kwana biyu ko uku ba barci kuma ba ta jin gajiya, surutu ba kan gado, ba ta gane mutane ko wuri, tana jin muryoyi suna ba ta umarni, ko ta yi imani yaron ba mutum ba ne, ko an canja mata shi. Ita wannan tunanin ba ya firgita ta yadda yake firgita mai waswasi, ta ɗauke shi gaskiya. Haka ma wadda baƙin ciki ya danne ta har tana cewa gara ta mutu, ko ita da yaron su huta, ko wadda fushi ke kwasarta har ta fara jijjiga yaron ko dukansa. Waɗannan ba a jira ran awo, ba a tsaya hayaƙi da rubutu a ce iska ce. Babba ɗaya ta zauna da ita, wata ta riƙe yaron, a kai ta likita a ranar. In kuɗin mota ne ya tsaya, akwatin taimakon ƙungiya don irin wannan rana muke zuba masa, shugaba da ma'aji su buɗe shi ba sai an jira taro ba.