Kafin ka sayar da hannun jarin da ya faɗi don rage haraji

Wani maƙwabcina a Palladan, mai shaguna a kasuwar Sabon Gari, ya kawo mini shawarar da dillalinsa ya ba shi: ya sayar da hannun jarin da ya faɗi kafin ƙarshen Disamba, domin asarar ta cinye wani ɓangare na ribar da za a biya wa haraji. Dabarar halal ce a doka, amma ra'ayina shi ne a Nijeriya ba da ita ake farawa ba.

A da, dokar harajin ribar kadara ba ta yarda a cire asara daga riba ba, sai Dokar Kuɗi ta 2023 ta buɗe wannan ƙofa. Sabuwar dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta soke tsohon kashi 10 cikin ɗari, ta haɗa ribar mutum da sauran kuɗin shigarsa, inda matakin ƙoli ya kai kashi 25 a kan abin da ya haura naira miliyan 50. Sai dai ta yafe wa wanda cinikin hannun jarinsa bai kai miliyan 150 cikin wata 12 ba, muddin ribarsa ba ta wuce miliyan 10 ba. Haka kuma ta yafe wa kuɗin da aka mayar cikin hannun jarin kamfanonin Nijeriya a shekarar.

A ce maƙwabcin nawa yana matakin ƙoli, ya sayar da hannun jari na miliyan 160 don gina gida, ribarsa miliyan 20. Harajinsa miliyan 5 ne. Yana da wani hannun jarin da ya saya miliyan 30, yau darajarsa miliyan 22. In ya sayar da shi, asarar miliyan 8 za ta mayar da ribar miliyan 12, haraji ya koma miliyan 3. Ya tsira da miliyan 2 ke nan, kafin a cire ladan dillali da kuɗin kasuwa. In mun ƙaddara su kashi 2 cikin ɗari a fita, kashi 2 a sake shiga, kusan naira dubu 880 sun tafi. Nan dabarar ta biya, amma ba kamar yadda aka zuzuta ta ba.

Yanzu a sauya lamba biyu. A ce cinikinsa miliyan 140 ne, ribarsa miliyan 9. Ba a binsa ko kobo. Da zarar ya ƙara sayar da na miliyan 22, jimillar ciniki ta zama miliyan 162, ya tsallake iyakar yafiya da ƙafarsa, ya biya dillali, ya kuma ƙona asarar da za ta yi masa rana wata shekara. Garin neman gira an rasa ido. Saboda haka tambayar farko ga dillali ita ce: nawa na sayar cikin wata 12 da suka wuce?

Akwai kuma batun sake saye. A Amurka, wanda ya sake sayen hannun jarin da ya sayar cikin kwana 30 ba zai ci moriyar asarar a lokacin ba. A nan, hukumar haraji tana da ikon watsi da cinikin da ta ga na jeka-na-yi-ka ne. Mai hankali zai koma wani kamfani a fanni ɗaya, ya adana takardun ciniki.

Abin da ya fi wannan tasiri shi ne inda kowace kadara take zaune. Sukuk da takardun lamunin Gwamnatin Tarayya ba a cire wa ribarsu haraji, don haka ba sa buƙatar mafaka, a riƙe su da sunan kai. Kuɗin da ke ajiyar wa'adi a banki, wanda ake zaftare wa ribarsa kashi 10, in ba za a taɓa shi ba sai ritaya, ya fi dacewa da gudummawar ganin dama a asusun fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce sai an cire kafin shekara 5 ake biyan haraji a kan ribarsa, kuma mai gudun riba yana da Asusu na Shida. Iyakarsa ita ce ba kai ke zaɓen kadarorin ciki ba, kuma asarar da aka yi a can ba ta rage maka harajin waje.

Hannun jarin da ake sa ran zai yi tsada kuwa, ya fi kyau da sunan mutum. 'Yan kasuwa da yawa suna sayensa da sunan kamfaninsu don sauƙi, alhali kamfanin da ya wuce matsayin ƙarami kashi 30 yake biya a kan riba, sannan a cire kashi 10 in an raba ta ga masu shi.

Maƙwabcina ya koma ya haɗa jimillar cinikinsa na shekarar, ya tarar bai kai iyaka ba. Bai sayar ba.